Ƙiyasta Tsadar Jari da Tsarin CAPM Inda Babu Kasuwar Hannayen Jari: Misalin Ajiyar Albasa a Aliero, Jega da Maiyama

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda za a ƙiyasta ribar da mai zuba jari ya cancanci nema daga harkar da hannayen jarinta ba sa kasuwa, ta amfani da tsarin CAPM. An ɗauki misalin kamfanin da ke sayen albasa da kaka a Aliero da ƙauyukan Maiyama, ya adana ta, ya sayar ta hanyar Jega idan ta yi tsada. Matsayin takardar shi ne, tsarin yana da amfani a nan matuƙar an ƙirga kowace kasada sau ɗaya, kuma a muhallinta: wadda ke tafiya tare da kasuwa ta shiga cikin beta, ta ruɓa da faɗuwar farashi ta shiga cikin ƙiyasin kuɗin da za a samu.

Matsalar

Albasar rani tana fitowa da yawa a lokaci guda, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, farashinta ya karye. Wanda ya iya riƙe ta har damina ta yi nisa yakan sayar da ita da tsada. A wannan tazara ce ɗan kasuwar Aliero ke neman ribarsa, a cikinta kuma yake yin asara, domin albasar da aka jibge a rumbun kara da ciyawa tana ramewa, tana tsiro, wata ta ruɓe daga tsakiya ba a sani ba sai an yaye ta wari ya taso. Idan wasu suka kafa kamfani don gina rumbuna masu iska, suka nemi mai kuɗi daga Birnin Kebbi ko Kano ya shigo da jari, tambayar farko ita ce: riba nawa ya kamata wannan mutum ya sa ran samu kafin shigarsa ta zama daidai? Bashi yana da farashi a rubuce. Jarin mai hannu a kamfani ba shi da shi, amma ba kyauta ba ne, domin kuɗin da aka ɗaure a rumbu an hana su zuwa wani wuri da za su haifar da riba. Wannan ribar da aka bari ita ake nufi da tsadar jari.

Tsarin da aka fi koyarwa don ƙiyasta ta ya fito ne daga aikin Harry Markowitz na 1952 a kan rarraba jari, wanda William Sharpe ya gina a kansa a 1964, sai John Lintner a 1965 da Jan Mossin a 1966. Lissafinsa gajere ne:

```
Ke = Rf + β × (Rm − Rf)
```

Ke ita ce tsadar jari. Rf ribar da ake samu ba tare da kasada ba. Abin da ke cikin baka shi ne ladan kasada, wato abin da kasuwar hannayen jari baki ɗaya ke bayarwa a saman riba marar kasada. Beta kuwa tana auna yadda ribar wata harka ke hawa da sauka tare da kasuwa: idan beta ta kai 1, harkar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kasuwa, idan 0.5 ce, rabin motsin kasuwa take ɗauka. Tunanin da ke ƙarƙashin lissafin shi ne, mai jarin da ya rarraba dukiyarsa a harkoki da dama ba ya jin zafin masifar da ta sami harka ɗaya kaɗai, domin ribar wata tana rufe ta. Abin da ba zai iya gudu ba shi ne abin da ke dukan kowa a lokaci guda, don haka shi kaɗai kasuwa ke biyan lada a kansa.

Riba marar kasada

A littattafan da aka rubuta don ƙasashen da hauhawar farashi ba ta da yawa, muhawara takan tsaya a kan beta. A Najeriya nauyin yana wani wuri dabam. A ƙarshen 2020 ribar takardun baitulmali na shekara ɗaya ta faɗi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, alhali farashin kaya yana hawa da fiye da kashi 10. A 2024, bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, irin waɗannan takardu sun haura kashi 20, Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disamba. Mai nazarin da ya ɗauki adadin 2020 ya saka a lissafin rumbun da zai yi shekara goma yana aiki, ya rusa aikinsa tun kafin ya taɓa beta.

Ƙa'idoji biyu ne ke kare mutum a nan. Ta farko, wa'adin takardar ya yi daidai da wa'adin harkar: idan ajiyar kaka ɗaya ce tak, a dubi takardar baitulmali ta kwana 182, idan kamfani ne da zai riƙa maimaita ajiya kowace shekara, a dubi takardar lamunin Gwamnatin Tarayya ta shekara goma. Ta biyu ta fi muhimmanci, kuma an fi karya ta: kuɗin da aka ƙiyasta shigarsu da adadin da za a auna su da shi su zama iri ɗaya. Idan an ƙiyasta cinikin albasa da naira, kuma an bar farashi yana hawa shekara bayan shekara, to ribar takardar gwamnati ta naira za a ɗauka, domin tana ɗauke da tsammanin hauhawar farashi a cikinta. Wanda ya ɗauki ribar takardun Amurka ya auna cinikin naira da ita, zai ga kowace harka tana da riba, har da wadda ke cinye uwar kuɗi.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa a fili. Takardar gwamnatin Najeriya ba marar kasada ba ce ɗari bisa ɗari. Wani ɓangare na ribarta lada ne na tsoron da masu ba da bashi ke yi wa ƙasar. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya ɗauki ribar takardar naira yadda take, sannan ya dawo ya ƙara cikakken ladan kasadar ƙasa a kai, ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. Ko dai ya cire wannan ɓangare daga Rf ya mayar da shi cikin ladan kasada, ko ya bar shi inda yake ya taƙaita ƙarin.

Ladan kasada da beta

Ba za a iya samo ladan kasada daga 'yan shekarun kasuwar Legas ba. Ma'aunin kasuwar ya faɗi da kusan kashi 46 a 2008, ya tashi da kusan kashi 50 a 2020, ya sake tashi da kusan kashi 46 a 2023. Matsakaicin irin waɗannan lambobi ya dogara ne da shekarar da mai lissafi ya ga damar farawa. Abin da ya fi aminci shi ne a fara da abin da dogon tarihin manyan kasuwannin duniya ya nuna, wato wajen kashi 4 zuwa 6 a saman takardun gwamnati, a ƙara kaɗan saboda kasuwarmu ta fi girgiza, sannan a gwada sakamakon da adadi mafi ƙasa da mafi sama. A wannan takarda an ɗauki kashi 7 a matsayin zato na aiki.

Beta ana samun ta ne ta hanyar jera ribar hannun jarin kamfani da ta kasuwa, wata-wata, na kimanin shekara biyar, a fitar da gangaren layin da ya fi dacewa da su. Kamfanin Aliero ba shi da farashin hannun jari, don haka sai aro. Kamfanonin noma da abinci da ke kasuwar Legas su ne irin su Presco da Okomu, masu manja a Jihar Edo, da Dangote Sugar da BUA Foods. Babu mai ajiye albasa a cikinsu, kuma wannan rauni ne na gaskiya. Akwai rauni na biyu da ba a cika lura da shi ba: hannun jarin da ba a yawan cinikinsa yakan yi kwanaki farashinsa bai motsa ba ko da kasuwa ta motsa, sai lissafi ya nuna beta ƙarama ta ƙarya. Alamar ita ce yawan ranakun da farashi bai sauya ba, da kuma beta da ke tashi idan aka koma daga ribar kullum zuwa ta wata. Scholes da Williams a 1977, da Elroy Dimson a 1979, sun kawo gyara, wanda ya ƙunshi haɗa motsin kasuwa na lokacin da ya gabata da na gaba cikin lissafin.

Beta da aka aro tana ɗauke da bashin kamfanin da aka aro daga gare shi, kuma bashi yana ƙara girgizar ribar masu hannun jari. Sai a sauke bashinsu, a ɗora namu, da lissafin da Robert Hamada ya kawo a 1972:

```
βu = βL / [1 + (1 − t) × D/E]
```

Lissafin a aikace

Lambobin da ke tafe duka na misali ne, an zaɓe su don a ga yadda hanyar ke aiki. Mu ɗauka matsakaiciyar betar kamfanonin da aka aro 0.9 ce, bashinsu rabin jarinsu ne, harajinsu kashi 30. Idan aka raba 0.9 da 1.35 za a sami 0.67, betar harkar ita kaɗai ba bashi. Kamfaninmu yana da jarin naira miliyan 80 da bashin miliyan 20, wato bashi rubu'in jari ne, kuma don sauƙi mu ɗauka ba ya biyan harajin kamfani. Betarsa ta zama 0.67 sau 1.25, kimanin 0.83. Idan Rf kashi 18 ce, ladan kasada kashi 7, tsadar jari ta zama 18 a tara da 5.8, wato kashi 23.8 a shekara. A lura cewa kashi uku cikin huɗu na wannan adadi daga Rf ya fito. Kuskuren 0.2 a beta maki 1.4 kawai zai motsa sakamakon, alhali Rf ta motsa da fiye da maki goma tsakanin 2020 da 2024.

Kuɗin ajiya wata shida suke yi a ɗaure, kuma kashi 23.8 a shekara daidai yake da kusan kashi 11.3 a wata shida. Kamfanin ya sayi buhu 2,000 a kan naira 40,000, miliyan 80 ke nan. Hayar rumbu da lebura da buhuna da mota zuwa Jega suka ci miliyan 20. Bashin miliyan 20 zai koma miliyan 23. Takardar da masu kamfani za su kai wa mai jari, bisa al'ada, shekara mai kyau take nunawa: an yi asarar kashi 20 ga ruɓa da ramewa, an sayar da buhu 1,600 a kan naira 80,000, an sami miliyan 128. Bayan biyan bashi saura miliyan 105, ribar kashi 31 a wata shida. Kowa ya ga wannan zai miƙa hannu.

Sai dai CAPM ba ya auna shekara mai kyau, matsakaicin abin da ake sa ran samu yake aunawa. Mu ce a cikin shekara goma, shida ne ke zuwa haka. A uku, laima ta shiga da wuri, asara ta kai kashi 35, buhu 1,300 suka kawo miliyan 104. A ɗaya, rabin kayan ya lalace kuma sabuwar albasa ta riga mu shiga kasuwa, buhu 1,000 a kan naira 60,000, miliyan 60. Matsakaicin, idan aka ba kowace shekara nauyinta, miliyan 114 ne. A cire bashi, saura miliyan 91. Ribar da ake sa rai ta sauko zuwa kashi 13.75. Idan aka raba miliyan 91 da 1.113 don a dawo da su darajar yau, za a sami miliyan 81.8. Harkar ta wuce ma'auni, amma da miliyan 1.8 kacal a kan jarin miliyan 80.

Yanzu a dubi abin da aka saba yi. Mai nazari ya san albasa tana ruɓewa, sai ya ƙara maki goma a kan tsadar jari don kariya, ta koma kusan kashi 34 a shekara, kashi 15.8 a wata shida. Idan ya auna miliyan 105 na shekara mai kyau da wannan, zai sami miliyan 90.7, ya ce akwai rarar miliyan 10.7, ninki shida na gaskiya. Idan kuma mai taka-tsantsan ne, ya rage kuɗin zuwa miliyan 91 sannan ya ƙara maki goman, zai sami miliyan 78.6, ya yi watsi da harkar da ta cancanci a yi. Rumbu ɗaya, albasa ɗaya, amsa uku. Maki goman ba su da tushe. Babu wanda zai iya cewa me ya sa ba takwas ba ko goma sha biyar. Amma yawan buhunan da ke ruɓewa abu ne da ake iya ƙirgawa, kuma dillalan Aliero da Jega da masu rumbuna sun san shi kaka bayan kaka. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin muhallin ruɓa shi ne ƙiyasin ciniki, inda za a iya gardama da shi da hujja.

Ba kowace kasadar albasa ce ta tsaya a bakin rumbu ba. Tsadar man da injin ban-ruwa ke sha, kuɗin motar da ke kai kaya kudu, darajar naira, da rufe iyakoki irin na Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, duk suna dukan harkoki da yawa a tare. Waɗannan su ne beta ke wakilta, kuma su ne hujjar aron beta daga kamfanonin abinci ko da ba albasa suke sayarwa ba. Ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi masifa ce babba ga jihar, amma ga mai hannun jari a siminti da sadarwa da bankuna ba ta cikin abin da ke girgiza dukiyarsa duka.

Sukar da ake yi

Suka mafi ƙarfi ita ce, mai jarin da CAPM ya zata ba ya nan. Alhajin da ke ajiye albasa a Aliero bai rarraba dukiyarsa a kamfanoni talatin ba. Gonarsa albasa ce, rumbunsa albasa, bashin da yake bin mutane ma na albasa ne. A wurinsa ruɓa ba ta da mai rufe ta. Wannan gaskiya ne, kuma ba a kauce masa. Aswath Damodaran ya ba da shawarar a raba beta da ma'aunin dangantakar harkar da kasuwa don a sami betar da ta ƙunshi dukan girgiza. Idan dangantakar 0.4 ce, 0.83 ta koma kusan 2.1, tsadar jari ta kai wajen kashi 32.6, miliyan 91 kuma suka koma miliyan 79 a darajar yau. Hanyar ba ta da ƙarfin tushe irin na ainihin tsarin, kuma bai kamata a ɗauki sakamakonta kamar awon sikeli ba. Duk da haka abin da ta nuna yana da ma'ana: harkar da ta biya wa mai jarin da ya rarraba dukiyarsa ba ta biya wa wanda ya zuba komai a ciki ba. Wannan bai rushe CAPM ba, ya dai fayyace tambayar da yake amsawa. Adadin kashi 23.8 shi ne mafi ƙarancin abin da jari daga waje zai nema, kuma tazarar da ke tsakaninsa da 32.6 ita ce abin da yankin ke biya saboda rashin hanyar raba kasada. Ƙungiyar da ta haɗa albasar Aliero da shinkafar Jega da hatsin Maiyama a asusu ɗaya tana rage wannan tazara ba tare da ta rage ruɓar buhu ko ɗaya ba.

Suka ta biyu daga masana ta fito. Richard Roll ya nuna a 1977 cewa kasuwar da tsarin ke nufi ta ƙunshi dukan dukiya, har da filaye da dabbobi da sana'o'i, kuma ba a iya ganinta. Eugene Fama da Kenneth French sun nuna a 1992 cewa a Amurka ma beta ita kaɗai ba ta bayyana bambancin riba yadda ake zato ba. A Najeriya sukar Roll ta fi ciwo, domin kamfanoni ƙalilan irin su Dangote Cement da MTN da Airtel ne ke ɗauke da babban kaso na ma'aunin kasuwa, noma kuwa da ke ciyar da mafi yawan jama'a kusan ba ya ciki. Amsata ita ce, tsare-tsaren da suka zo don maye gurbinsa suna buƙatar bayanai fiye da nasa, a wurin da bayanai suka yi ƙaranci. CAPM yana da ƙusoshi uku da kowa ke gani, kowanne ana iya ja da shi a fili. Abin da ya wajaba shi ne a ba da sakamako a matsayin zango: da ladan kasada tsakanin kashi 5 da 9, da beta tsakanin 0.7 da 1, tsadar jari tana tsakanin kashi 21.5 da 27. A ƙasan zangon rarar harkarmu ta ɗan ƙaru, a samansa kuwa, inda wata shida ke neman kashi 12.7, da ƙyar ta tsira.

Suka ta uku ita ce wadda za a fara ji a Jega: lissafin an gina shi a kan kuɗin ruwa. Hukunci na malamai ne, amma akwai abin da mai nazari zai iya bayyanawa. Tsarin bai umarci kowa ya ba da bashi da ruwa ba. Ma'auni yake nema na abin da kuɗi za su samu a wuri mafi aminci. Tun watan Satumbar 2017, lokacin da Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara bakwai da kuɗin haya kashi 16.47, akwai takardar gwamnati da aka tsara bisa ƙa'idar haya, wadda za ta iya tsayawa a gurbin Rf. Bashin miliyan 20 ma ana iya musanya shi da cinikin murabaha. Kuma Ke ba alkawari ba ce da mai juya kuɗi zai ɗauka; tsammani ne da mai kuɗi ke auna shawararsa da shi kafin ya shiga. A yarjejeniyar mudaraba, inda asara ke faɗa wa mai kuɗi shi kaɗai, amfanin adadin shi ne wajen tsayar da rabon riba. Idan ribar harkar duka kashi 13.75 ake sa rai, mai kuɗi kuma yana neman 11.3, rabon rabi da rabi ba zai kai shi ba, sai dai a sauya rabon, ko a sayi albasar da rahusa, ko a gyara rumbun har shekarun asarar kashi 35 su ragu daga uku cikin goma zuwa ɗaya.